Haula Mai Ƙosai da Waken da Ya Sha Man Shanu

Duk wanda ya kwana biyu a Dakoro ya san Haula mai ƙosai. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don muryar nan tana cikin wayar kusan kowane manomi daga Birnin Lalle har Rumbu, kuma faɗa take yi. Ka aika mata hoton wake ka ce, "Inna, wannan wane iri ne?" kafin ta ba ka amsa sai ta wanke ka tas, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Sai ta gaji sannan ta faɗa maka sunan waken, da ƙasar da yake so, da ko na ƙosai ne ko na dafuwa. Kai kuma ka yi godiya, gobe ka sake aikowa.

Bagobira ce ta Birnin Lalle, da tsagenta a kunci. Aure ya kawo ta Dakoro, gidan wani dillalin awaki, Allah ya jiƙan shi. Shekara talatin da ɗoriya tana suyar ƙosai kusa da tasha, har gwiwa ta ce ita fa ta gama aiki. A bakin kaskon nan ta ƙara karatun wake a kan wanda ta taso da shi. Mai ƙosai dole ta san fata: wake mai kaushin fata, da ya ji ruwa sai ya tuɓe rigarsa ba gardama, mai santsi kuwa sai ya sha maka ruwa da lokaci, ka surfa har kafaɗa ta yi tsami.

Amma tushen karatun daga uwarta ne, wadda ake kira Mata. Ita Mata tana da wani wake da ta gada wajen tata uwar, suna ce mashi Mai Kwalli. Fari ne, gajere, mai kaushi, gefensa a daddafe don matsatsin da suke yi cikin kwanso. Idonsa baƙi ne mai faɗi, kuma baƙin yakan zubo ta gefe guda kamar kwallin macen da ta yi kuka. Yana yaɗo, ba ya gaggawar nuna, harawarsa kuwa ta isa ta riƙe akuya har bazara. Ranar da za a kai Haula ɗaki, Mata ta ɗaure mata shi a tsumma, ta ce, "Kwano yana fashewa, zane yana tsufa. Wannan ki riƙe."

Ta riƙe kuwa, har shekarar dubu biyu da biyar, bayan fari da fara sun haɗu sun share gonaki a daminar da ta wuce. A cikin bazarar nan, yara huɗu suna kallonta, tukunya ba komai, Haula ta kwance irin ta dafa. Ta ce in damina ta zo za ta karɓo wani a Birnin Lalle. Da ta je, ashe can ma kowa ya dafa nashi. Mata kuma ba ta ga kakar shekarar ba. Tun daga nan Haula take neman Mai Kwalli. Ba buhun waken da zai wuce ta a kasuwa ba ta tsoma hannu ba. Abin yana cin ta, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce, "Yara sun rayu, alhamdu lillahi. Amma amanar tsohuwa ni na cinye ta da gishiri."

Wanda ya jawo ta cikin harkar hoto shi ne Kimba, malamin gona, Bazabarme daga wajen Doso, dogo siriri mai yawo da wani littafi cike da hotunan iri da lambobinsu. Wata rana ya tsaya sayen ƙosai, yana ta juya shafi yana gwada wani wake da aka ba shi, ya rasa gane shi. Haula ta leƙo.

"Ɗan Luma ne, Bazabarme. Jan nan naku."

"Haba Bagobira, Ɗan Luma bai kai wannan duhu ba."

"Ya shekara ne. Jan wake in ya kwana biyu a ajiya duhu yake ƙarawa. Ba a rubuta maka wannan a littafin ba? To mayar masu da shi su ba ka kuɗinka."

Kimba ya bincika, ya tarar haka ne. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa wasa ne gadon kaka, don haka ba wanda ya ji haushin wani. Da gwiwa ta zaunar da ita gida, ɗiyarta ta saya mata babbar waya da tabarau, shi kuma Kimba ya sa ta cikin zauren WhatsApp na manoma. Ba ta karatun boko, amma wa ya ce sai da boko? Hoto ya shigo, ta buɗa shi da yatsu biyu, ta danna ta yi magana.

Tana da dokokinta, kuma duk ƙasar Dakoro an haddace su. A ɗauki hoton da rana amma a inuwa, ban da fitilar waya, don fitila tana mayar da kowane wake fari fat. A zuba a tafin hannu ko a faifai, a ajiye tsinken ashana a gefe don ta san girma. A juya wasu ido sama, wasu su kwanta. Sannan babbar doka: a dumbuzo yadda yake, kada a tsince masu kyau. Takan ce, "Wake nake son gani, ba 'yan rakiyar amarya ba."

Ta ga abubuwa! Wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da ya fara noma da tsufa ya aiko mata fararen ƙwayoyi masu baƙin ido, yana murna ya samo waken da ba irin shi. Haula ta ce, "Mushe, ƙwaruru ne, wanda Kanawa ke ce ma gurjiya. Ba ka ga ya dunƙule kamar tsakuwa ba? Wake yana da ƙugu. Wannan kuma cikin ƙasa yake 'ya'ya, kada ka tsaya jiran kwanso a sama har Sallah." Wani ya aiko waken soya, rawaya mai ɗan siririn ido, ta ce ya je ya yi awara ya bar ɓata mata rana. Wani kuma ya aiko wake ruwan hoda, ta kusa cewa sabon abu ne, sai ta lura kalar ta taru a cikin lungun ido. Ta ce, "Maganin shuka ne aka barbaɗa. Wanda ya dafa wannan, gidan likita za a kwana."

Kuma ba ta cika baki inda ba ta sani ba. Fararen nan na malaman gona masu nuna da wuri, akwai biyu ko uku da suka yi kama kamar tagwaye. In aka aiko su sai ta ce, "Ɗayan biyu ne. Hoto ba ya faɗin kwana nawa wake zai yi a gona, ba ya faɗin ko mai tsayuwa ne ko mai yaɗo. Shuka layi guda ka gani." Kimba yakan ce wannan amsar ta fi duk sauran burge shi. Ita kuma ta ce ba ta nemi burge Bazabarme ba.

Ba ta karɓar ko dala. Mutane suna cewa kirki ne, kuma akwai kirkin, amma ita ta san abin da take jira. Duk hoton da ya shigo, idon take fara dubawa. Sau uku ana aiko mata da mai kama da Mai Kwalli, sau uku tana sa a kawo mata, tana kasa cin abinci kafin ya iso, sau uku yana zama wani abu daban. Na ukun har ta kwanta kwana biyu. Daga nan ta yi ma zuciyarta faɗa, ta ce ta bar rawar kai.

Ana nan, wata Talata cikin zafin bazara, sai ga hoto daga wani Abdoulaye, makiyayi mai ɗan noma a wani ƙauye gaba da Rumbu. Ya haɗo da saƙon murya. Ya ce matarsa Sharifa ta haihu, suna ya matso. Kakar Sharifa, wadda ta rasu bayan kaka, ta bar tiya guda ta wani wake da take shukawa cikin hatsi, ba wanda ya san sunansa. Shi dai mai saurin nuna yake shukawa. A ajiye wannan don iri, ko a dafa ma baƙi?

Haula ta buɗa hoton. Ta fara duba idon. Ido baƙi, mai faɗi, ya zubo gefe guda. Ta gyara tabarau, ta ƙara buɗawa. Sai ta ga fatar sumul, tana ƙyalli, kalar kuma ba fari ba, ta ja zuwa ruwan ƙwai. Ga su manya-manya kai ɗaya, an jera su cikin wani kwano mai furanni, ba ashana, ba tafin hannu. Duk dokokinta an taka su. Da wata rana ce, da ta yi mashi tatas ta ce ya sake ɗauka. Amma ranar nan tsoron sa rai ya fi ƙarfinta. Ta ga santsi, ta riƙe santsi, don ta huta.

Ta danna ta ce, "Ɗana, Allah ya raya. Wannan mai santsi ne, irin shi ya cika kasuwa. Ku dafa abinku."

To, ruwa kan ci gwani.

Ranar kasuwa ta mako mai zuwa, Haula tana zaune a zaure ta miƙe ƙafa, Kimba ya biyo shan fura kamar yadda ya saba, sai ga sallama. Abdoulaye ne da rawaninsa, ya kawo akuya kasuwa, ya ce bari ya biyo ya kawo ma Inna goron suna. Aka gaisa, aka tambayi mai jego. Ya zauna yana ba da labarin taro.

"Inna, waken nan kuwa ya yi albarka. Rabi aka yi shinkafa da wake, rabi mata suka yi ƙosai. Masu surfe har suna shi ma tsohuwa albarka. Wai yana jin ruwa fatar ta saɓule."

Haula ta ajiye goron da ta ɗauka.

"Fatar me ta saɓule?"

"Ta waken."

"Mai santsin?"

Abdoulaye ya yi dariya. "Wane santsi, Inna? Ai waken nan kaushi gare shi kamar diddigen makiyayi. Fari ne kuma tas. Sharifa ce ta ce ba za a aika ma babbar mace kamar ki hoto haka ba, a ce mu ƙazamai ne. Ta tsinto manyan, ta murza masu man shanu, ta ɗauko kwanon jerenta ta zuba. Ai ba a shiga hoto da kaushi."

Kimba ya ƙware da fura. Yana tari yana dariya, yana nuna Haula da ludayi. "Bagobira! An yi ma wake kwalliyar suna, ke kuma kin ba da shi sadaka!"

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Idon, ɗana. A hoto ya zubo gefe guda. Haka yake, ko shi ma Sharifa ce ta sa mashi kwalli?"

"Haka Allah ya yi shi."

"Yaɗo yake yi?"

"Har ya kan hau karan hatsi. Tsohuwa don harawar take son shi. Sai kowa ya gama roron nashi sannan nata ke nuna."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Haula ta ɗora hannu biyu a ka. "Sau biyu! Na farko yunwa ta sa ni. Wannan kuma wa ya sa ni? Da bakina na ce a dafa!"

Nan Kimba ya haɗiye dariyarsa, don ya san labarin. Abdoulaye kuwa ya rikice, yana ta ba da haƙuri bai san laifin da ya yi ba. Haula ta ce ya bar haƙurin nan ya kira Sharifa yanzu-yanzu. Aka kira, ba rezo, wayar ta ƙi shiga. Aka sake, ba rezo. A na huɗu wata maƙwabciya ta ɗauka, ta kai ma mai jego. Haula ta fizge wayar.

"Ɗiyata, barka da arziki. Waken nan, ko ƙwaya ba ta rage ba? Ƙasan buhu? Cikin turmi? Inda kuka sheƙe?"

Sharifa ta ce wallahi an share, kaji sun bi sauran. Haula ta rufe ido. Can sai ta ji Sharifa ta ce, "Sai dai ko 'yan hoton."

"Su wa?"

"Waɗanda na shafa ma mai. Da aka gama ɗauka baƙi suka shigo barka, na rufe kwanon na mayar saman jere. Ban tuna da su ba sai yanzu."

Kowa ya san kwanon jere ba na cin abinci ba ne. Yana can sama an ɗora shi kan 'yan'uwansa don ado, sai shekara-shekara ake sauke shi a goge. Abin da tukunyar suna ba ta kai gare shi ba ke nan. Haula ta ce kada Sharifa ta hau komai da ɗanyen jiki, ta sa maƙwabciyar ta sauko da shi. Aka ji ƙarar kwanoni, aka ji salati, aka ji murfi ya faɗi yana juyi a ƙasa. Sannan muryar Sharifa: "Suna nan, Inna. Ashirin da uku."

Abdoulaye ya ce zai kawo su kasuwa mai zuwa. Haula ta ce kasuwa mai zuwa ta ci gidansu. Matar da ta shekara biyu ba ta wuce bakin zaure ba sai ga ta a bayan babur ɗin Kimba, ta ɗaure gwiwa da ɗankwali, ta riƙe rigarsa kamar za ta yage. Duk yashin da suka shiga sai ta ce Zabarmawa ba su iya tuƙi ba, jaki ya fi su. Shi kuma ya ce in ta ƙara magana zai sauke ta ta ƙarasa da gwiwar tata. Haka suka isa, la'asar sakaliya, kowa ya yi butu-butu.

Ta ɗauki jaririya ta yi mata addu'a tukuna, don Haula ba ta rasa ladabi ko tana cikin wuta. Sannan aka miƙo kwanon. Ga su nan suna ƙyalli, suna ƙamshin man shanu, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa su ba, don mai yana hana ƙwaron wake sakewa. Ta ce a ba ta dusa. Ta ɗauki ƙwaya guda ta murza cikin dusar, ta murza, ta hure, ta koma inuwar bukka ta ɗora a tafin hannu. Ƙyallin ya tafi. Ta bi fatar da babban yatsa, a hankali, ta ji kaushin. Sai hawaye.

Sharifa ta tsorata, ta ce, "Inna, ki yafe mani, ni gyara na yi nufi."

"Ke dai kin ɓata ni, ke kuma kin cece ni. Amma daga yau, man shanu a kai da tuwo. Kin ji ko?"

Kimba ya tsuguna yana kallon ƙwayar. "Shi ne, Bagobira?"

Ta share ido da bakin zane. Kowa yana jiran ta ce shi ne. Ta ce, "Ido nashi ne, fata tashi ce, ƙira tashi ce. Sauran sai gona ta faɗa."

Sharifa ta ba ta duka ashirin da ukun. Da damina ta zauna, Haula ta shuka su a bayan ɗakinta, ta sa aka kewaye da ƙaya har riɓi biyu. Goma sha tara suka tsiro. Duk damina unguwar ba akuyar da ba ta sha zagi ba, har da waɗanda ba su yi komai ba. Waken maƙwabta ya yi fure, ya yi kwanso, aka fara ci, nata yana ta yaɗo yana cika wuri da ganye kamar ba shi da niyya. Kimba yakan leƙo ya ce, "Ko dai ciyawa muka ɗauko?" Ita kuwa jinkirin nan shi ke ƙara mata daɗi, don haka na Mata yake. Sai da ruwa ya fara janyewa sannan ya fitar da fure shuɗi-shuɗi mai jan ciki, ya zubo kwanso masu ɗan lanƙwasa da duhu a baki. Ranar da ta ɓare na farko da ya bushe, ta ga sun matsu a ciki, kowane da kwallinsa ya zubo, ta zauna a ƙasa cikin ganyen, ta tuna da Mata, ta ce, "Inna, ga shi."

Da aka gama roro aka sussuka, ya ba da rabin tiya da ɗan ɗori. Kimba ya zo da gwangwani mai murfi, ya ce a zuba a toshe, ta ajiye ƙarƙashin gadonta, kowa ya huta. Haula ta ce ya ajiye gwangwaninsa. Ta yayyaga wani tsohon zane, ta kasa waken kashi bakwai, ta ɗaure kowane. Ɗaya na Sharifa, don gadon kakarta ne. Biyu Birnin Lalle, wajen 'ya'yan ƙannenta. Ɗaya na ɗiyarta, biyu na wasu mata a Rumbu da ta yarda da hannunsu. Na bakwai ta miƙa ma Kimba, ta ce ya kai inda ake ajiyar iri, ya ba shi lamba in yana so, amma ya rubuta Mai Kwalli a gaba.

Kimba ya ƙirga ƙullin, ya duba faifan, ya ga ba ko ƙwaya.

"To naki fa? Shekara ashirin kina nema."

"In damina ta zo kowa ya ba ni biyar-biyar in shuka."

"Haba Bagobira. Ko ƙulli guda?"

Ta kakkaɓe faifan, ta kife shi.

"Sau biyu yana shiga tukunya ta dalilina, Bazabarme. In yunwa ta dawo, jikoki suka kalle ni, na san kaina, wallahi zan sake dafawa. Ku dai ku riƙe mani."